BABI NA BIYU: GIRMAN ƘWAYOYIN B A CIKIN ƁARGO DA YADDA AKE HARHAƊA GUTSATTSARIN GADON ANTIBODI

2.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani ne a kan yadda ƙwayoyin B ke girma a cikin ɓargo, da kuma hanyar da kowace ƙwaya ke bi wajen ƙera wa kanta antibodi nata na daban. Ƙwayar B ɗaya ce daga cikin fararen ƙwayoyin jini, kuma ita ce ke samar da antibodi, wato furotin ɗin da ke kama baƙon abu idan ya shiga jiki. Shi wannan baƙon abu da ake kamawa ana kiran sa antijin. Harafin B ya samo asali ne daga sunan wata jaka da ke kusa da duburar tsuntsaye, wadda Bruce Glick da abokan aikinsa suka nuna a shekarar 1956 cewa in an cire wa ɗan tsako ita, ba ya iya samar da antibodi yadda ya kamata. Ɗan Adam ba shi da wannan jaka. Hanta ce ke ɗaukar nauyin aikin lokacin da yake ciki, daga baya ɓargo ya karɓa har ƙarshen rayuwa.

Matsalar da babin zai warware ita ce ta lissafi. Ƙwayoyin gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin a jikin mutum ba su wuce kimanin 20,000 ba, amma ire-iren antibodin da jiki ke iya samarwa sun haura biliyoyi. Ke nan ba zai yiwu a ce kowane antibodi yana da tasa ƙwayar gado da aka gada daga iyaye ba. A shekarar 1965 Dreyer da Bennett suka kawo ra'ayin cewa sarƙa ɗaya ta antibodi tana fitowa ne daga sassan gado biyu da ake haɗawa, amma ra'ayin bai sami karɓuwa sosai ba, domin a lokacin an ɗauka cewa DNA na kowace ƙwaya a jiki iri ɗaya ne, ba ya sauyawa. Sai a shekarar 1976 Hozumi da Tonegawa suka nuna a birnin Basel cewa sassan da ke nesa da juna a DNA na ɗan tayin ɓera sun matso kusa da juna a ƙwayar da ke samar da antibodi. Wannan aiki ne ya sa aka ba Susumu Tonegawa kyautar Nobel a 1987.

2.1 Siffar Antibodi da Gutsattsarin Gadonsa

Antibodi ya ƙunshi sarƙoƙi huɗu na furotin: biyu masu nauyi, biyu marasa nauyi. Kowace sarƙa tana da ɓangare tabbatacce da ɓangare mai sauyawa. Ɓangaren mai sauyawa na sarƙa mai nauyi da na marar nauyi su ne ke haɗuwa su zama bakin da ke kama antijin, saboda haka a nan ne bambancin yake.

Umarnin ƙera wannan ɓangare mai sauyawa ba a rubuce yake a dunƙule ba. A warwatse yake, gutsure-gutsure, a jere a kan kuromosom. Na sarƙa mai nauyi yana kan kuromosom na 14, kuma gutsattsarinsa iri uku ne: akwai kimanin 40 masu aiki na nau'in V, da kimanin 23 na nau'in D, da 6 na nau'in J. Sarƙa marar nauyi kuwa iri biyu ce, kafa da lamda, kuma babu D a cikinsu. Kafa tana kan kuromosom na 2 da V kimanin 40 da J 5, lamda tana kan na 22 da V kimanin 30 da J 4 ko 5. An ce kimanin ne domin adadin V yakan ɗan bambanta tsakanin mutum da mutum.

Kowace ƙwayar B za ta ɗauki V ɗaya da D ɗaya da J ɗaya ta haɗa su don sarƙa mai nauyi. Idan aka ninka 40 da 23 da 6 za a sami 5,520. Kafa tana ba da 200, lamda 120 idan an ɗauki J 4, jimla 320. Da yake kowace sarƙa mai nauyi tana iya haɗuwa da kowace marar nauyi, sai a ninka 5,520 da 320, a sami 1,766,400. Wannan adadi yana da yawa, amma bai ko kusa da biliyoyin da aka ambata ba. Bugu da ƙari ma, ya zarce abin da ke faruwa a zahiri, saboda wasu gutsattsarin an fi amfani da su fiye da wasu, kuma ba kowace sarƙa ce ke dacewa da kowace ba. Wannan ya nuna cewa zaɓen gutsure shi kaɗai bai isa ba. Mafi yawan bambancin yana fitowa ne daga mahaɗar, wato daidai wurin da aka yanke aka ɗinke.

2.2 Yadda Ake Yankewa da Ɗinkewa

DNA rubutu ne da haruffa huɗu, A da C da G da T. A gefen kowane gutsure akwai alamar da ke nuna wurin yanka. Alamar ta ƙunshi haruffa bakwai, sai tazara, sai haruffa tara:

```
CACAGTG  (12 / 23)  ACAAAAACC
```

Tazarar da ke tsakani ko dai haruffa 12 ce ko 23. Dokar ita ce, gutsure mai alamar 12 ba ya haɗuwa sai da mai alamar 23. A wurin sarƙa mai nauyi, V yana da 23, J ma yana da 23, D kuwa yana da 12 a gefensa biyu. Saboda haka V ba zai tsallake D ya haɗu da J kai tsaye ba, dole D ya shiga tsakani. Wannan ƙa'ida mai sauƙi ita ce ke tsare tsarin jerin.

Masu yankan furotin biyu ne, RAG1 da RAG2, waɗanda aka gano a 1989 da 1990 a ɗakin binciken David Baltimore. Ba a samar da su sai a ƙwayoyin B da T masu tasowa, shi ya sa ƙwayar fata ko ta hanta ba ta taɓa wannan sashe na DNA. RAG yana kama alamomi biyu, ya jawo su kusa da juna, sannan ya yanke daidai tsakanin gutsure da alamarsa. Abin da ke tsakanin gutsattsarin biyu yakan fita a matsayin zobe, ya ɓace yayin da ƙwayar ke rarrabuwa. Ma'ana, abin da aka yanke ba ya dawowa.

Bakunan gutsattsarin da suka rage ba a buɗe RAG ke barin su ba. Igiyoyi biyu na DNA sukan lanƙwashe su manne da juna a kowane baki, kamar bakin buhu da aka ɗinke. Wani enzayim mai suna Artemis ne ke farke wannan ɗinki, kuma ba kullum yake farkewa a tsakiya ba. Idan ya farke daga gefe, igiya ɗaya takan fi ɗaya tsawo, kuma cike giɓin yakan ƙara haruffa ɗaya ko biyu waɗanda ake kira haruffan P. Daga nan wasu enzayim sukan zaftare 'yan haruffa daga bakin. Sannan enzayim ɗin TdT ya zo ya ɗora sababbin haruffa ba tare da ya kwafa daga ko'ina ba, wani lokaci biyu ko uku, wani lokaci fiye da goma. Waɗannan su ne haruffan N, kuma ba a gaje su daga uwa ko uba ba. A ƙarshe injin gyaran karyewar DNA da kowace ƙwaya ke da shi ya liƙe bakunan biyu.

Abin lura a nan shi ne, wannan mahaɗa ita ce ke zama lanƙwasar da ake kira CDR3, wadda ke tsakiyar bakin antibodi, inda ya fi taɓa antijin. Wato wurin da aka fi yin cacar haruffa shi ne wurin da sauyin harafi ɗaya ya fi tasiri. Ƙwayoyi biyu za su iya zaɓar V da D da J iri ɗaya, amma su ƙare da antibodi mabambanta. Ko tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda suka gaji DNA iri ɗaya, tarin antibodinsu ba ɗaya ba ne.

2.3 Misalin Mahaɗa Ɗaya

Domin a fahimci ribar wannan tsari da kuma hasararsa, ga misali da aka tsara. Ana karanta umarnin furotin ne haruffa uku-uku, kowane uku suna nufin amino asid ɗaya. A ƙarshen V akwai TGT, mai ba da sistin, a cikin J kuma akwai TGG, mai ba da tiriftofan. Waɗannan biyu su ne turakun da CDR3 ke tsakaninsu, kuma dole a karanta su a layi ɗaya. A ce bayan zaftarewa an sami waɗannan sassa, tare da haruffan N biyu tsakanin V da D, da uku tsakanin D da J:

```
V: TGTGCGAGAG   N: CC   D: TATAGCAGTGGC   N: CCT   J: TTTGACTACTGG

TGT GCG AGA GCC TAT AGC AGT GGC CCT TTT GAC TAC TGG
```

Tsakanin TGT da TGG akwai haruffa 33, kuma 33 yana rabuwa da uku ba saura. Saboda haka TGG ya faɗo a mazauninsa, sauran umarnin sarƙar ma za a karanta shi daidai. Wannan ƙwaya ta yi nasara. Za a lura cewa GCC ya fito ne daga harafi ɗaya na V da biyu na TdT, CCT kuwa gaba ɗayansa sabo ne.

Yanzu a ce TdT ya ɗora C ɗaya ne kawai a mahaɗar farko maimakon biyu:

```
TGT GCG AGA GCT ATA GCA GTG GCC CTT TTG ACT ACT GG
```

Haruffan tsakani sun koma 32. Duk abin da ya biyo bayan mahaɗar ya gurgusa da harafi ɗaya, TGG ya tarwatse, kuma can gaba karatun zai ci karo da alamar tsayawa kafin a kammala sarƙar. Babu furotin mai amfani da zai fito. Da yake TdT da masu zaftarewa ba sa ƙirga haruffa, sau ɗaya ne kawai cikin uku adadin zai rabu da uku. Biyu cikin uku na kowace mahaɗa asara ne.

Ƙwayar tana da dama ta biyu, domin kuromosom na 14 guda biyu ne gare ta, na uwa da na uba. Idan aka ɗauki ƙwayoyi 900, 300 za su yi nasara a gwajin farko. Daga 600 da suka rage, 200 za su yi nasara a kuromosom na biyu. Jimla 500 ke nan, wato kashi 55 cikin ɗari, sauran 400 kuwa su mutu a cikin ɓargo. Wannan lissafi ma na sama-sama ne, domin bai ƙunshi waɗanda suka ɗauki gutsure marar aiki ba, ko waɗanda haruffan N suka haifar musu da alamar tsayawa. Tun da tsarin yana haifar da asara haka, dole ne a sami hanyar tantance mai kyau daga marar kyau, kuma wannan shi ne ainihin abin da matakan girma a cikin ɓargo ke yi.

2.4 Matakan Girma a Cikin Ɓargo

Ƙwayar B tana farawa ne daga ƙwayar asali wadda duk ƙwayoyin jini ke fitowa daga gare ta. A farkon tasowarta tana manne da ƙwayoyin ɓargo masu renonta, waɗanda ke fitar da sinadaran da ke riƙe ta a wurin da kuma raya ta. A mataki na farko, da ake kira furo-B, ana haɗa D da J, galibi a kuromosom biyun duka. Daga nan sai a haɗa V da DJ, amma wannan karon a kuromosom ɗaya tukuna.

Idan an sami sarƙa mai nauyi, wadda a wannan mataki ake kira miyu, sai tambaya ta taso: shin za ta iya haɗuwa da sarƙa marar nauyi? A lokacin ba a ƙera marar nauyi ba tukuna. Saboda haka ƙwayar tana amfani da sarƙar wucin gadi, wadda ta ƙunshi furotin biyu, VpreB da λ5, kuma iri ɗaya ce a kowace ƙwaya. Sarƙar miyu da ta dace da ita sai su hau fatar ƙwayar tare, su aika saƙo ciki ta hanyar wasu enzayim, cikinsu har da BTK. Wannan saƙo yana yin abubuwa uku. Yana hana ƙwayar mutuwa. Yana dakatar da RAG tare da rufe kuromosom na biyu, don kada a ƙera wata sarƙa mai nauyi ta daban. Sannan yana sa ƙwayar ta rarrabu kamar sau biyar ko shida, ta yadda ɗaya za ta zama kimanin 30 zuwa 60.

Dakatar da RAG kafin rarrabuwa ba abin banza ba ne, domin kwafar DNA alhali ana yanka shi yana iya haddasa karyewar da ba za ta gyaru ba. Ita kuma rarrabuwar riba ce babba. Sarƙa mai nauyi da ta tsallake jarrabawa abu ne mai tsada, don haka maimakon a yi amfani da ita sau ɗaya, sai a raba ta ga 'ya'ya da dama, kowace ta gwada ta da nata sarƙa marar nauyi.

Bayan rarrabuwa, a matakin da ake kira ƙaramar firi-B, RAG yana dawowa ya fara aiki a kan kafa. Idan kafa biyun sun gaza, sai a koma lamda. A nan asarar ba ta kai ta baya ba, saboda babu D a tsakani. Idan mahaɗar V da J ta farko ta lalace, ana iya ɗauko wani V da ke gabanta da wani J da ke bayanta a haɗa, a yanke lalatacciyar a jefar. A sarƙa mai nauyi wannan bai yiwuwa ta hanyar da aka saba, domin haɗin farko ya riga ya kwashe dukkan sauran D. Haka kuma aikin TdT ya ragu a wannan mataki, shi ya sa mahaɗar sarƙa marar nauyi ba ta kai ta mai nauyi bambanci ba.

Da zarar sarƙoƙin biyu sun haɗu, cikakken antibodi na nau'in IgM zai bayyana a fatar ƙwayar. Saura jarrabawa ta ƙarshe. Tun da an ƙera bakin ne ba tare da sanin abin da zai kama ba, babu abin da zai hana shi kama sassan jikin mai shi. Binciken da Wardemann da abokan aikinta suka wallafa a 2003 ya nuna cewa fiye da rabin sababbin ƙwayoyin B na mutum a farkon wannan mataki suna kama wani abu na jiki. Ƙwayar da ta kama irin wannan abu da ƙarfi ba nan take ake kashe ta ba. RAG yana ci gaba da aiki, a sauya mata sarƙa marar nauyi ta hanyar da aka bayyana a sama, ko bakin zai sauya. Idan an yi ta gwadawa abin ya ci tura, sai ta mutu. Wadda ta kama da rauni kuwa takan fita amma a kasale, ba ta amsa kira, kuma ba ta daɗewa. Waɗanda suka tsira su ne ke shiga jini zuwa saifa, inda suke kammala balaga.

2.5 Inda Tsarin ke Lalacewa da Yadda Ake Ganewa

Hujja mafi ƙarfi a kan waɗannan matakai ta fito ne daga marasa lafiya. A shekarar 1952 Ogden Bruton ya bayyana wani yaro ɗan shekara takwas da ke ta fama da cututtukan bakteriya, aka tarar kusan babu antibodi a jininsa. A 1993 aka gano cewa BTK ne ke lalacewa a wannan cuta. Da yake ƙwayar gadon BTK tana kan kuromosom na X, kusan yara maza kaɗai take kamawa. A jikin irin wannan yaro RAG yana aiki, ana ƙera sarƙar miyu, amma saƙon nasara ba ya isa ciki, don haka ƙwayoyin sukan tsaya a wannan ƙofa. Jaririn yakan kasance lafiya a watannin farko saboda antibodin IgG da ya samu daga mahaifiyarsa ta mahaifa. Daga kimanin wata shida, idan wannan ya ƙare, sai ciwon kunne mai ruwa da ciwon huhu su riƙa dawowa a kai a kai. Likita zai ga ƙulluwan maƙogwaron yaron ƙanana ne ƙwarai ko ma babu su. A gwajin jini, ƙwayoyi masu alamar CD19, wato ƙwayoyin B, ba sa kai kashi 2 cikin ɗari na limfosait, alhali ƙwayoyin T suna nan lafiya. Maganin shi ne ƙarin antibodin da aka tace daga jinin masu bayarwa, duk bayan mako uku ko huɗu idan ta jijiya ake yi.

Idan RAG1 ko RAG2 ne ya mutu gaba ɗaya, lamarin ya fi muni, domin ƙwayoyin T ma da wannan almakashi suke ƙera nasu bakin. Gwajin jini zai nuna babu B, babu T, amma ƙwayoyin NK, waɗanda ba sa buƙatar wannan harhaɗawa, suna nan. Irin wannan jariri yakan kamu da cututtuka tun watannin farko, kuma ba ya rayuwa mai tsawo sai da dashen ɓargo. Lalacewar Artemis tana ba da irin wannan sakamako a gwajin jini, sai dai ana bambanta ta da cewa ƙwayoyin jikin majinyacin ba sa jure hasken radiyeshan, saboda Artemis yana cikin masu gyaran karyewar DNA a duk jiki, RAG kuwa na ƙwayoyin B da T ne kaɗai.

Akwai kuma kuskuren ɗinki. Wani lokaci bakin da RAG ya yanke a kuromosom na 14 yakan liƙe da wani karyayyen baki daga kuromosom na 18, ya jawo ƙwayar gadon BCL2, mai hana ƙwaya mutuwa, zuwa wurin da ake karanta ta ba tsayawa. Ana samun wannan musaya a kimanin kashi 85 cikin ɗari na masu wata sankarar ƙulluwa da ake kira limfoma ta folikul. Musayar ita kaɗai ba ta isa ta haifar da cutar ba, domin ana samun 'yan ƙwayoyi masu ɗauke da ita a jinin mutane da yawa masu lafiya.

Wajen gano irin wannan sankara ana amfani ne da ƙa'idar nan ta cewa kowace ƙwaya sarƙa marar nauyi iri ɗaya take ɗauka. A jikin mai lafiya kimanin kashi 60 cikin ɗari na ƙwayoyin B suna da kafa, 40 suna da lamda. Idan ƙulli ya kumbura saboda wata cuta mai yaɗuwa, ƙwayoyi daban-daban ne suka amsa kira, don haka za a ga kafa da lamda a gauraye. Idan kuwa aka tarar kusan dukkansu kafa ne, ko dukkansu lamda, to alama ce cewa daga ƙwaya ɗaya suka fito. Ana tabbatarwa ta hanyar auna tsawon mahaɗar CDR3: a ƙulli mai lafiya za a sami tsayi iri-iri, a mai sankara kuwa tsayi ɗaya ne zai mamaye, kuma jerin haruffan wannan mahaɗa shi ake bi daga baya a ga ko akwai sauran ƙwayoyin cutar bayan an yi magani.